Kafin ku yarda da sakamakon qPCR

Salama alaikum 'yan dakin gwaji na nan Damagaram. Ku tsarma samfurinku kashi 1 cikin 10, sau biyar a jere, ku zana Ct a kan log10 na yawan DNA. Gangaren layin, wato slope, shi ake sakawa a nan don samun E, wato ingancin ninkuwar DNA:

`E = 10^(-1/slope) - 1`

Idan slope ya fito -3.32, DNA na ninkuwa kowane zagaye, inganci 100% ke nan. Daga 90% zuwa 110% ana karɓa.

Jiya na samu -3.9, wato kusan 80%. Firamomina sun kwana a waje lokacin da wuta ta ɗauke, ga zafin garin nan. Da na sake sababbi abin ya daidaita. Wanda ya haura 110% kuwa kada ya yi murna, yawanci datti ne a samfuri mafi kauri yake jinkirta Ct. A cire ɗigon wannan samfurin daga layin a sake lissafi.