Kurakuran da masu koyon aikin lantarki suka fi yi da dokar Ohm

Kusan kowane mai koyon aikin lantarki ya haddace `V = I × R`, dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827, wadda ke cewa boltej daidai yake da karant idan aka ninka shi da turjiya. Wajen aiki da ita ne ake yawan samun tangarɗa.

Kuskuren da ake fara yi shi ne zaton cewa babban batir zai tura wa ƙaramin kaya wutar da ta fi ƙarfinsa. Batir boltej yake bayarwa, turjiyar kayan kuma ita ce ke ƙayyade karant ɗin da zai gudana. Kaya mai om 6 a kan bolt 12 amfiya 2 zai ja, ko batirin babur ne ko na babbar mota.

Wanda ya fi cin kuɗi shi ne mantawa da cewa ita kanta waya tana da turjiya. A ɗauki batirin sola mai bolt 12 da kaya mai jan amfiya 10, tsakaninsu mita 10, aka haɗa su da wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5. Yaro zai lissafa mita 10, alhali wutar tana zuwa tana dawowa, saboda haka tsawon wayar mita 20 ne, turjiyarta kuma kusan om 0.24. Idan aka ninka da amfiya 10, bolt 2.4 ya salwanta a hanya ya zama zafi. A layin gida mai bolt 230 wannan asarar ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari da ɗan wani abu ba, shi ya sa wanda ya saba da wayarin gida ba ya kula da ita, amma a bolt 12 kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Sai fitila ta dushe, waya ta yi ɗumi a hannu, a ɗora wa batir laifin da ba nasa ba. Waya mai kaurin 6 za ta rage asarar zuwa kusan bolt 0.6, rage nisan ma yana taimakawa.

Abin da ke ɓoye wannan matsala shi ne gwaji da kaya a kashe. Idan karant ba ya gudana, babu boltej da zai faɗi, don haka mitar gwajin wuta za ta nuna bolt 12 cif a ƙarshen siririyar waya, ko ma a bayan haɗin da ya yi tsatsa. A kunna kayan tukuna, a gwada a bakin batir, a sake gwadawa a bakin kayan. Bambancin da aka gani shi ne abin da waya da haɗe-haɗenta suka cinye.

Akwai kuma mai barin mita a kan gwajin amfiya ya ɗora tsinkenta biyu a kan kawunan batir. A wannan saiti turjiyar mita kusan sifiri ce, saboda haka karant mai yawa zai bi ta cikinta ya ƙona fis ɗinta nan take. Amfiya ana gwada ta ne ta hanyar cire waya ɗaya a saka mita a tsakani, turjiya kuwa ba a gwada ta sai an yanke wuta gaba ɗaya.