Babi na Shida: Kyamarar Mota da Katinta

Darasi na farko: katin memori

Kafin ku liƙa komai a gilashi, ku ɗauko katin. Ƙarami ne, bai kai girman farce ba, sunansa microSD. Kyamarar mota tana rubutu a kansa tun daga tayar da inji har zuwa kashe shi, ta goge, ta sake rubutawa. Katin waya na yau da kullum ba ya jure wannan wahala, yakan mutu da wuri, kuma sau da yawa ba ya nuna alama. Saboda haka ku nemi wanda aka rubuta High Endurance a jikin kwalinsa. Ku duba alamar U3 ko V30, ita ce shaidar yana da saurin da ake buƙata.

Girman fa? Kyamarar da ke ɗauka a 1080p takan ci wajen 7GB a awa ɗaya. Ke nan katin 32GB zai riƙe kamar awa huɗu da rabi, na 64GB kuma kamar awa tara. Babban kati ya fi daɗewa, domin ba a maimaita rubutu a wuri guda da sauri. Amma ku karanta takardar kyamarar, kowace tana da iyakar girman da take karɓa.

A sa katin kyamara tana kashe. Ku tura shi da farce har ku ji ya yi ƙas. Idan ya ƙi shiga, kada a matsa masa, juya shi za a yi.

Darasi na biyu: fomat

Nan ne yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, don haka za mu bi shi a hankali. Kada kowa ya ji kunya idan bai gane a karon farko ba.

Fomat yana nufin share katin gaba ɗaya da shirya shi yadda kyamara take so. A cikin kyamarar ake yin sa. Ba a waya ba, ba a kwamfuta ba. Sabon kati ma sai an yi masa, ko da yanzu aka ɓare kwalinsa.

Ku tayar da mota, kyamara za ta kunna ta fara ɗauka da kanta. Za ku ga ɗigon ja yana ƙyaftawa. Muddin ɗigon nan yana ƙyaftawa, kyamarori da yawa ba sa buɗe wurin saiti. Wannan ne ke sa mutum ya yi ta danna maɓalli yana cewa ta lalace. Lafiyarta lau. Ku danna OK ko REC, ɗigon ya tsaya. Sannan ku danna Menu, ku gangara har ku ga Format. Ku danna. Za ta tambaye ku, kuma galibi tana tsaye ne a kan Cancel. Ku matsa zuwa OK tukuna, sannan ku danna. Ku jira, kada a kashe mota.

Mu maimaita. A tsayar da ɗauka. Menu. Format. A matsa zuwa OK. A jira.

Yaya za ku san ya yi? Ku buɗe wurin kallon bidiyo. Idan babu komai, ya yi. Idan tsofaffin bidiyo suna nan, Cancel kuka danna, sai a koma daga farko. Babu laifi, a sake.

Fomat yana share komai, har bidiyon da kuke so. Idan akwai wanda zai yi muku amfani, ku kwafe shi tukuna. Kuma ba sau ɗaya ake yi a manta ba, kowane wata ne. Ku zaɓi ranar da ba za ta shige muku ba, kamar ɗaya ga wata. Na sha ganin wanda ya yi wata shida bai duba katinsa ba, ranar da ya nemi shaida ya tarar kyamara ta daɗe da daina ɗauka. Wannan sakaci ne. Abin da bai kai minti biyu ba!

Darasi na uku: ɗauka mai zagayawa

A Menu akwai Loop Recording. Za ku ga Off, 1, 3 da 5, mintoci ke nan. Ku zaɓi 3. Kyamara za ta riƙa yanka bidiyo gunduwa-gunduwa na minti uku, idan kati ya cika ta goge mafi tsufa ta ci gaba. Idan kuka bar shi a Off, kati na cika ta tsaya cak.

To me ya sa wani ya kunna wannan amma duk da haka allo ya nuna Card Full? Ga dalili. Akwai G-Sensor, mai jin girgiza. Idan ya ji duka, sai ya kulle gunduwar da ake ɗauka don kada a goge ta. Idan aka sa shi a High, kowane rami da kowane rufe ƙofa da ƙarfi zai zama haɗari a wurinsa. Gunduwa uku masu minti uku-uku sun kai wajen 1GB. Direban da kyamararsa ke kulle goma a rana yana asarar fiye da 3GB kullum, cikin kwana goma katin 32GB ya toshe, a kyamarar da ba ta goge kulallu da kanta. Ku sa shi a Low. Kulallun da suka taru kuwa, me ke kwashe su? Fomat. A cikin kyamara. A tsayar da ɗauka tukuna, kun dai tuna.

Idan wani abu ya faru a hanya, ku danna maɓallin kulle, mai hoton kwaɗo ko alwatika. Kada a zare kati kyamara na ɗauka, gunduwar ƙarshe za ta lalace, ita ce kuwa kuke nema.

Darasi na huɗu: gadin mota a fake

Soket ɗin sigari a yawancin motoci yana mutuwa da an zare makulli, don haka Parking Mode, wato ɗauka yayin da mota ke fake a kashe, yana buƙatar wayarsa ta musamman mai sili uku. Mai ACC yana zuwa fis ɗin da ke samun wuta sai an murɗa makulli. Mai BATT ko B+ yana zuwa fis mai wuta kullum. Baƙin, GND, a ɗaure shi a noti a jikin ƙarfen mota. Ku bi rubutun, kada ku bi launi, domin ja da rawaya sukan sauya tsakanin kamfanoni. Kada a taɓa fis ɗin jakar iska ko na birki. Wanda bai saba ba ya kai wa mai wayarin.

A jikin wayar ko a Menu akwai ma'aunin yanke wuta. Ku sa shi a 12.2V, ko 12.4V idan batirin ya tsufa. A 11.8V mota na iya ƙin tashi da safe. Ku zaɓi Time Lapse, mai ɗaukar hoto jefi-jefi ya haɗa su bidiyo, idan inda kuke fakin akwai yawan wucewar mutane, ya fi tattalin kati.

Darasi na biyar: liƙawa

A liƙa kyamara bayan madubin tsakiya, inda waifa ke sharewa. A goge gilashin ya bushe, a danna na rabin minti. A gyara kwanan wata da agogo.

Darasi na shida

Idan allo ya nuna Card Error, a yi fomat. Idan ya sake nunawa bayan fomat, katin ya gaji, a sauya shi. Sabon ma a yi masa fomat a cikin kyamara.