Yadda Za Ka Fitar Da Matsakaicin Kuɗin Oda Ba Tare Da 'Yan Sari Sun Ruɗe Ka Ba

Mu ɗauki misalin wata Hajiya da ke saro atamfa da leshi a Kantin Kwari, tana tallarsu a WhatsApp da Instagram, ɗanta kuma yana riƙe mata lissafi a kwamfuta. A watan farko an yi oda 36, duk na masu sayen ɗaiɗai, kuɗinsu ya kama naira 702,000. Da ya raba kuɗin da yawan odar, sai kowace ta tashi a kan naira 19,500. Wannan shi ne matsakaicin kuɗin oda, kuma lissafinsa bai wuce haka ba: jimillar ciniki a raba da yawan oda.

A wata na biyu, ana gab da Sallah, an yi oda 40, ciniki ya kai naira 2,396,000. Matsakaici ya tashi 59,900. Yaro ya garzaya da albishir: "Umma, yanzu kowane mai saye yana kashe kusan dubu sittin, ya ninka na wancan watan sau uku." Hajiya ta dube shi ta ce, "Wane ne ya sayi kayan dubu sittin a wurina? Ni da nake ɗaure kayan da hannuna?"

Ita ce da gaskiya, shi ma kuma bai yi kuskuren rabawa ba. Abin da ya faru shi ne, cikin oda 40 ɗin nan, uku na 'yan sari ne: wata mai shago daga Maraɗi ta ɗauki na 750,000, wasu biyu suka ɗauki na 560,000 da na 420,000. Su ukun kaɗai sun tashi 1,730,000. Sauran oda 37 na masu sayen turmi ɗaya zuwa uku ne, jimillarsu 666,000, wato 18,000 kowace. Ashe ma masu sayen ɗaiɗai ƙasa suka yi, daga 19,500 zuwa 18,000, amma lamba ɗaya ta rufe wannan ta mayar da shi abin murna. Ga yadda ake kauce wa hakan.

Mataki na farko: jera odar kafin ka raba komai

Ka buɗe Excel ko Google Sheets, layin farko na kanu, daga na biyu kuma kowace oda da layinta. Shafin A kwanan wata, B mai saye, C kuɗin odar, D kuma ka bar shi babu komai tukuna. A C ka sa kuɗin kaya kawai, bayan an cire ragi da kayan da aka dawo da su, kuma kada kuɗin mota ko na ɗan aike ya shiga. Sai ka jera layukan odar gaba ɗaya bisa C daga babba zuwa ƙarami, ka zuba ido. A lissafin Hajiya za ka ga 750,000, 560,000, 420,000, sai kawai a faɗo 47,000. Wannan ramin da ke tsakanin ta uku da ta huɗu shi ne alamar farko cewa kasuwa biyu ce a cikin littafi ɗaya.

Mataki na biyu: ajiye matsakaici kusa da odar tsakiya

Odar tsakiya ita ce wadda ke tsakiyar layi idan an jera su, rabi suna sama da ita, rabi suna ƙasa. Idan yawan odar ya rabu biyu daidai, kamar 40, sai a ɗauki biyun da ke tsakiya a haɗa su a raba biyu.

```
=AVERAGE(C2:C41)
=MEDIAN(C2:C41)
```

Na farko ya ba da 59,900, na biyu 16,500. Dalilin wannan tazara shi ne, matsakaici yana jin nauyin kowace naira, ita kuwa odar tsakiya matsayi kawai take dubawa. Da matar Maraɗi za ta ƙara sayayyarta ta kai miliyan biyar, matsakaici zai yi sama, 16,500 kuwa ko gezau, domin har yanzu oda ɗaya ce a saman layi. Idan lambobin biyu suna kusa da juna, ba ka da matsala, ka bayar da matsakaicinka. Idan ɗaya ta ninka ɗaya, kamar nan, akwai waɗanda suka fita zakka, sai an nemo su.

Mataki na uku: nemo waɗanda suka fita zakka, amma kada ka bar wa lissafi hukunci

Da oda 40 ido ya isa. Da oda 4,000 sai da ma'auni. Wanda aka fi amfani da shi shi ne na masanin ƙididdiga ɗan Amurka John Tukey: ka nemo odar da ke kan kashi ɗaya bisa huɗu na layi da wadda ke kan kashi uku bisa huɗu, ka ɗauki tazarar da ke tsakaninsu ka ninka sau ɗaya da rabi, ka ɗora a kan ta saman.

```
=QUARTILE(C2:C41,3)+1.5*(QUARTILE(C2:C41,3)-QUARTILE(C2:C41,1))
```

A wurin Hajiya ta ƙasan 12,000 ce, ta saman 24,000. Tazara 12,000, sau ɗaya da rabi 18,000, iyaka ta zama 42,000. Oda huɗu suka haura ta.

To a nan ne aikin yake, don huɗun nan ba iri ɗaya ba ne. Ta 47,000 wani ango ne ya sayi turmi uku na lefe. Ba ɗan sari ba ne, farashin ɗaiɗai ya biya, kuma irinsa ne kasuwar Hajiya ta yau da kullum, sai dai aljihunsa ya ɗan fi nauyi a ranar. Idan ka fitar da shi don ya haura iyaka, ka rage wa masu sayen ɗaiɗai abin da yake nasu ne. Ma'aunin Tukey yana nuna maka inda za ka duba ne kawai. Wanda ya san mutanen shi zai ce wannan sari ne, wannan ba sari ba ne.

Akwai kuma waɗanda ma'aunin ba ya kamawa sam. Ɗan sarin da ba ya son tura kuɗi da yawa lokaci guda zai iya raba sayayyarsa gida goma, kowace 35,000, duk su wuce ta ƙarƙashin iyaka. Ana gane shi ne idan an tara odar kowane mai saye wuri guda, sai a ga suna ɗaya ya fito sau goma cikin mako. Haka nan matar da ke tattara kuɗin ƙawayenta na anko ta yi oda ɗaya: a littafi babba ce, a zahiri mutum goma sha biyu ne. Ni dai ina sa ta cikin sari idan an yi mata farashin sari, domin a nan ne ribar take bambanta. Wani lokaci ma ba mai saye ba ne, hannu ne ya zame aka ƙara sifili, 18,000 ta koma 180,000. Wannan kaɗai ake gyarawa, bayan an duba rasit ko alat na banki.

Saboda haka ka zauna da mai kaya ku yanke ƙa'ida ɗaya, misali duk wanda ya ɗauki turmi goma zuwa sama a farashin sari, ɗan sari ne. Ku rubuta ta, ku riƙe ta kowane wata. Wanda ke sauya iyaka bayan ya ga sakamako, yau 42,000 gobe 100,000, lambar da ransa ke so yake nema. Sai ka cika shafin D da `sari` ko `daidai`.

Mataki na huɗu: raba gida biyu, kada ka share kowa

Kuskuren da ke biyo bayan gano 'yan sari shi ne a goge layinsu don lissafi ya yi kyau. Hakan ma ƙarya ce ta wani gefen. Mutum ukun nan su suka kawo kashi 72 cikin 100 na kuɗin da ya shigo a watan. Rahoton da babu su ba zai yi daidai da asusun banki ba.

```
=AVERAGEIF(D2:D41,"daidai",C2:C41)
=SUMIF(D2:D41,"sari",C2:C41)
=COUNTIF(D2:D41,"sari")
```

Waɗannan za su ba ka 18,000, da 1,730,000, da 3. Ga ɓangaren sari ban cika son matsakaici ba. Zai fito 576,667, amma matsakaicin abu uku ba ya faɗin komai a kan wata mai zuwa, don mutum ɗaya ya fasa zuwa komai ya sauya. Gara ka faɗi yawansu da jimillarsu da mafi girma da mafi ƙanƙanta. Kuma kada ka haɗa 18,000 da 576,667 ka raba biyu da sunan matsakaicin shago, domin ɗaya na oda 37 ne, ɗaya na oda 3.

Idan ka san nawa aka saro kayan, ka ƙara lissafin riba, don a nan labarin yake juyawa. A ce ribar ɗaiɗai kashi 25 cikin 100 na kuɗin sayarwa ce, ta sari kashi 8. Ɗaiɗai sun kawo 166,500, sari 138,400. Waɗanda suka cika asusu da kusan kashi uku bisa huɗu na ciniki ba su kawo ko rabin riba ba. Ga shi kuma sau da yawa ɗan sari rabi yake biya, saura sai ya sayar. Idan haka ne, ka nuna abin da ya shigo hannu da abin da ke waje.

Mataki na biyar: kowace tambaya da lambarta

Da Hajiya ta bi 59,900 ta ce duk wanda ya sayi kayan dubu sittin za a kai masa kyauta, babu ko ɗaya cikin masu sayen ɗaiɗai 37 da zai kai, sai 'yan sarin da dama can sun ci ragi. Irin wannan tayin ana gina shi ne a kan lambar ɗaiɗai: a sa shi kaɗan sama da abin da aka saba saye, kamar 25,000, yadda mai turmi ɗaya zai ji kwaɗayin ƙara na biyu. Haka kuɗin talla. Tallar Instagram masu ɗaiɗai take kawowa, matar Maraɗi kuwa ta hanyar 'yar uwarta ta san Hajiya, don haka da ribar odar 18,000 za a auna ko tallar ta biya, wato naira 4,500. Amma idan tambayar ita ce nawa za a ware na saro kafin Sallah mai zuwa, to jimilla ake dubawa, da sari da komai.

Abin da yaron zai tura wa mahaifiyarsa, ko ya nuna wa wanda zai sa jari, bai fi layi huɗu ba:

"Ciniki duka: oda 40, naira 2,396,000, matsakaici 59,900. Ɗaiɗai: oda 37, naira 666,000, matsakaici 18,000, wancan watan 19,500. Sari, wato turmi goma zuwa sama: oda 3, naira 1,730,000, daga 420,000 zuwa 750,000, wancan watan babu. Oda ɗaya kaɗai ta kawo kashi 31 cikin 100 na cinikin watan."

Ya bar 59,900 a wurin, don duk wanda ya raba da kansa ita zai samu, kuma idan bai gan ta ba zai yi zaton an ɓoye wani abu. A wata na uku, idan 'yan sari ba su dawo ba matsakaici ya faɗo 19,000, layin ɗaiɗai zai nuna wa Hajiya cewa masu sayenta na kullum sun ƙara dubu ɗaya ne a kan na watan Sallah.