Darasi: Ɗaukar Hoton Allo Idan Babu Maɓallin PrtSc

A manyan kwamfutoci akwai maɓalli a jeren sama mai rubutun PrtSc, wanda ke ɗaukar hoton duk abin da ke kan allo. Ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka da guntayen kibod na jonawa sukan zo babu shi, saboda ƙarancin wuri. Kafin ka ce babu, duba da kyau, domin wani lokaci an rubuta shi ƙanana a jikin wani maɓalli, kuma sai an riƙe Fn yake aiki. In babu shi ɗin, ga hanyar da ke aiki a Windows 10 da Windows 11.

A ce ka biya kuɗin makarantar 'yarka ta intanet, rasit ya fito a allo, kana son tura wa malaminta. Riƙe maɓallin Windows, wato mai alamar taga a jeren ƙasa. Ƙara riƙe Shift, sannan ka taɓa S sau ɗaya, ka saki duka. Allon zai dushe, 'yan alamomi su bayyana a sama. In bai dushe ba, galibi ka saki ɗaya ne kafin ka taɓa S, sai ka sake.

Yanzu kai kibiyar linzami kusurwar rasit ta sama, danne, ja har kusurwar ƙasa ta ɗaya gefen, ka saki. Tabbatar lambar rasit da adadin kuɗi sun shiga cikin akwatin da ka zana. In hannunka ya goce tun farko, Esc zai soke.

A nan ne masu koyo suka fi asarar aikinsu, don haka a natsu. A Windows 10 hoton bai zama fayil ba tukuna. Kwamfuta ta riƙe shi ne a ma'ajiyar wucin gadi, wadda a yadda take zuwa abu ɗaya kawai take ɗauka. Da zarar ka kwafi wani abu, ko da lambar waya ce, rasit ya tafi. Saboda haka buɗe Paint nan take, danna Ctrl da V hoton ya fito, sannan Ctrl da S, ka ba shi suna kamar "rasit zango na biyu". Sababbin Windows 11 sukan adana da kansu a Pictures, cikin jakar Screenshots, amma ni dai ina shawartar ka leƙa ka gani da idonka kafin ka rufe shafin.

Idan riƙe maɓallai uku na wahalar da yatsunka, rubuta osk a wurin bincike na Windows, ka danna Enter. Kibod zai fito a kan allo, da PrtScn a jikinsa, sai ka danna da linzami, sannan ka sa hoton a Paint ka adana kamar yadda aka bayyana a sama.

Aikin gwaji: ɗauki hoton agogon da ke kusurwar allonka, ka adana shi da sunanka, ka rufe Paint, sannan ka nemo hoton ka nuna wa na kusa da kai.