Gemu da takunkumin tace iska ba sa jituwa

'Yan uwa masu yankan tayil da fasa dutse, ku yi hakuri da ni kan maganar gemu. Na san da yawanmu don addini muka ajiye shi, kuma ba na raina hakan.

Takunkumin N95 yana tace akalla kashi 95 cikin 100 na kananan burbushin kura, amma sai iskar ta bi ta cikinsa. Ita iska hanya mai sauki take bi. In gashi ya daga bakin takunkumin daga fata, ko da tsiron kwana biyu ne, kurar dutsen ta nan za ta kutsa zuwa huhu, matatar na zaune ba aikin yi.

Ga gwajin da nake yi kullum. In na sa shi, igiya daya a saman kai, daya a kasan kunnuwa, sai in matse karfen hanci da hannu biyu. Sannan in rufe shi da tafukana in fitar da numfashi. In na ji iska tana hura idanuna ko gefen kumatu, bai zauna ba, sai in gyara ko in sauya girma. Tabarau ma kan tona asiri, don yakan yi hazo.

Mai gemu ya nemi irin mai hular da ke rufe kai duka, mai fanka da batir da ke turo tatacciyar iska. Shi ba ya bukatar mannewa da fuska, sai dai akwai tsada.