Yadda na gyara cikar ma'ajiyata ta Google

A Garwa nake sayar da atamfa, Gmail ya daina karɓar saƙonnin kwastomomi, wai 15 GB ɗin nan na kyauta ya cika. Gmail da Drive da Google Photos duk rumbu ɗaya suke ci.

Fayilolin da ƙanina ya raba mini daga Marwa ba su cin wurina, a kan mai su ake lissafawa. Amma abin da ni na ɗora cikin foldarsa, nawa yake ci.

Babban mai laifin shi ne ajiyar WhatsApp, wato kwafin hirarrakina da ke cikin Drive, 6 GB saboda bidiyo, don tun 2024 ake ƙirga ta a Android. Na cire bidiyo daga ajiyar. A wurin bincike na Gmail na rubuta `larger:10M`, na goge saƙonni masu manyan fayiloli, sannan na kwashe Trash, domin abin da ke ciki yana cin wuri har kwana 30.