Yadda Ake Zaɓar Gwajin da Ya Dace da Kwanakin Jinya a SPSS

Duk wanda ya taɓa tattara adadin kwanakin da marasa lafiya suka yi a gadon asibiti ya san siffar da alƙaluman ke ɗauka. Mafi yawan mutane ana sallamarsu cikin kwana uku zuwa bakwai, sai ka samu ɗaya ko biyu da ciwo ya rikice musu suka shafe wata guda ko fiye. Ba wanda zai yi ƙasa da kwana sifili, amma ta sama babu iyaka, shi ya sa alƙaluman ke cunkushewa a hagu su ja doguwar wutsiya zuwa dama. Daga nan tambaya ke tasowa: gwajin t za a yi, wanda ke cikin dangin farametirik, wato gwaje-gwajen da ke dogara da zato kan siffar rarrabuwar alƙaluma, ko kuwa gwajin Mann-Whitney, wanda bai damu da siffar rarrabuwar alƙaluma ba?

Abin da aka saba koyarwa shi ne a duba Shapiro-Wilk, gwajin da ke auna ko alƙaluma sun bi siffar ƙararrawa mai daidaito a hagu da dama, in p ɗinsa ya faɗi ƙasa da 0.05 a koma Mann-Whitney. A ganina wannan gajeren tunani ne, domin gwajin t da Mann-Whitney ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Za mu bi aikin da ƙaramin misali da na tsara don bayani kawai, na majinyata ashirin da aka yi wa tiyata iri ɗaya, goma a sabon tsarin kulawa, goma a tsohon.

Rukuni na 1, sabon tsari: 2, 3, 3, 3, 4, 4, 4, 5, 6, 46
Rukuni na 2, tsohon tsari: 4, 5, 5, 6, 6, 7, 7, 8, 9, 10

Shigar da su a ginshiƙi biyu, `kwanaki` da `rukuni`, kowane majinyaci da layinsa.

Mataki na farko: kalli alƙaluman da idonka

Shiga Analyze > Descriptive Statistics > Explore. Sa `kwanaki` a Dependent List, `rukuni` a Factor List. A ƙarƙashin Plots zaɓi Histogram da Normality plots with tests. In ka fi son rubuta umarni:

```
EXAMINE VARIABLES=kwanaki BY rukuni
  /PLOT BOXPLOT HISTOGRAM NPPLOT.
```

Factor List ɗin nan yana da muhimmanci. Kowane rukuni ake dubawa shi kaɗai, don in ka haɗe su wuri ɗaya, bambancin da ke tsakaninsu ma zai iya sa hoton ya yi kama da karkatacce.

A teburin Descriptives, fara da Mean da Median. Mean shi ne matsakaici, wato jimillar kwanaki a raba da yawan mutane. Median ita ce lambar da ke tsakiya in aka jera su daga ƙarami zuwa babba. Rukuni na 1 yana da matsakaici 8.0 amma lambar tsakiyarsa 4 ce. Rukuni na 2 yana da 6.7 da 6.5. Ka lura da abin da ya faru: a ma'aunin matsakaici sabon tsari ya fi daɗewa a gado, a ma'aunin lambar tsakiya kuma ya fi saurin sallama. Mutum ɗaya mai kwana 46 ne ya juya lamarin.

Kafin ka ci gaba, koma fayil ɗin wannan mutumin. Kwanakin jinya daga ranaku biyu ake cire su, ranar kwantarwa da ranar sallama, kuma kuskuren wata ko musanya rana da wata wajen shigarwa na iya mayar da kwana 4 ya zama 34. In kuskure ne, gyara. In kuwa da gaske ya yi kwanakin nan, ba ka da hujjar goge shi don kawai ya ɓata maka hoto.

Mataki na biyu: kada ka miƙa wa Shapiro-Wilk ragama

Teburin Tests of Normality zai ba ka Kolmogorov-Smirnov da Shapiro-Wilk. Matsalarsu ita ce ƙarfinsu yana bin yawan mutane. Da majinyata dubu biyu, ɗan karkacewar da ba ta isa ta dami gwajin t ba za ta ba ka Sig. ƙasa da 0.001. Da majinyata goma sha biyu kuma, karkacewa ta gaske na iya wucewa ba a gani ba. Wato suna yawan kuka a inda ba haɗari, su yi shiru a inda haɗarin yake. Hoton Normal Q-Q Plot ya fi faɗin gaskiya: in ɗige-ɗigen sun bar layi sun lanƙwasa sama a ƙarshen dama, wutsiyar tana da nauyi.

Gwajin t ba ya buƙatar kowace lamba ta bi siffar ƙararrawa. Matsakaicin samfur ne ake son ya bi ta, kuma hakan na samuwa yayin da mutane ke ƙaruwa. Sai dai ƙa'idar nan ta "mutum talatin sun isa" ba ta riƙe kwanakin jinya da kyau. In wutsiya ta yi tsawo, musamman in rukunonin ba su kai juna yawa ba, ana iya buƙatar ɗaruruwa.

Mataki na uku: rubuta tambayarka kafin ka danna komai

Nan ne zaɓin yake a zahiri. Gudanar da gwajin biyu a misalinmu don ka ga bambancin, amma a aikinka na gaske ka yanke shawara tun kafin ka ga sakamako.

```
T-TEST GROUPS=rukuni(1 2) /VARIABLES=kwanaki.
NPAR TESTS /M-W=kwanaki BY rukuni(1 2).
```

A menu, na farko yana ƙarƙashin Compare Means > Independent-Samples T Test, na biyu kuma Nonparametric Tests > Legacy Dialogs > 2 Independent Samples.

A gwajin t, karanta layin Equal variances not assumed, wanda shi ne gyaran Welch. Yaɗuwar rukuni na 1, wato Std. Deviation, ta kai 13.4, ta rukuni na 2 kuwa 1.9 ce, don haka ba zancen ɗaukarsu daidai. Bambancin matsakaici kwana 1.3 ne, t ya fito 0.30, p kuma wajen 0.77. Babu shaidar bambanci. Mai kwana 46 ya ɗaga matsakaici, ya kuma kumbura kuskuren kiyasi har gwajin ya kasa ganin komai.

Mann-Whitney yana ajiye kwanakin gefe ya jera mutum ashirin ɗin bisa matsayi, daga na 1 zuwa na 20. Mai kwana 46 ya zama na 20 kawai, mataki ɗaya sama da mai kwana 10. Ko kwana 460 ya yi, matsayinsa bai canza ba. Za ka ga Mean Rank na 7.25 da 13.75, U ya zama 17.5, Z kuma −2.48, sannan Asymp. Sig. (2-tailed) wajen 0.013. Da yake mutanen kaɗan ne, SPSS zai ƙara layin Exact Sig., amma ka karanta ɗan bayanin da ke ƙasan teburin, domin wannan layin ba ya gyara lissafi saboda lambobin da suka yi kunnen doki, kuma kwanakin jinya cike suke da su.

Me U ɗin ke nufi? Haɗa kowane mutum na rukuni na 1 da kowane na rukuni na 2, za ka samu haɗi 100. A cikin 82.5 daga ciki, in an ƙirga kunnen doki a matsayin rabi, na tsohon tsari ne ya fi daɗewa. Wannan ita ce tambayar da gwajin ke amsawa: in aka ɗauko mutum ɗaya daga kowane ɓangare, wa ya fi yiwuwar daɗewa a gado?

To wanne ne daidai? Duka biyun, kowanne a kan tambayarsa. Likitan da ke son sanin ko sabon tsari yana sa galibin majinyata su koma gida da wuri, Mann-Whitney ne nasa. Amma mai kula da gadaje da kasafin kuɗi zai ce maka rukuni na 1 ya cinye kwanakin gado 80, rukuni na 2 ya ci 67. Kuɗi da gado jimilla suke bi, jimilla kuma matsakaici ce ke ɗauke da ita. Ba wa wannan mutumin sakamakon Mann-Whitney kaɗai ɓoye masa abin da ya fi damunsa ne.

Akwai kuskure guda da ya yi yawa a rahotanni: cewa Mann-Whitney yana gwada bambancin lambar tsakiya. Hakan gaskiya ne kawai in rukunonin biyu suna da siffa da yaɗuwa iri ɗaya, ɗaya ya ɗan matsa gaba ne kurum. A misalinmu ba haka ba ne.

Mataki na huɗu: in matsakaici kake buƙata amma alƙaluma sun karkace

Hanyar da aka fi sani ita ce ɗaukar logaritim:

```
COMPUTE ln_kwanaki=LN(kwanaki).
EXECUTE.
```

Sai ka yi gwajin t a kan sabon ginshiƙin. A misalinmu bambancin ya zama −0.33, in ka mayar da shi ta `EXP` ka samu 0.72, p kuma wajen 0.28. Yi hattara da fassara: 0.72 ba kwanaki ba ne, rabo ne tsakanin matsakaitan jometiri guda biyu, wato matsakaicin logaritim na kowane rukuni bayan an mayar da shi kwanaki, 4.7 da 6.5. Wannan ma'aunin yana danne wutsiya, saboda haka shi ma bai amsa tambayar mai kasafi ba. Sannan duk wanda aka sallama a ranar da aka kwantar da shi, mai kwana 0, zai ɓace daga lissafi, don `LN(0)` ba shi da amsa. SPSS zai bar gurbinsa fanko ya fitar da gargaɗin da mutane da yawa ba sa karantawa. Duba N kafin canjin da bayansa.

In ainihin matsakaicin kwanaki kake so, bar alƙaluman yadda suke ka yi gwajin Welch tare da maɓallin Bootstrap, wanda ke sake ɗibar samfur daga alƙalumanka yana maimaita lissafin, in nau'in SPSS ɗinka na da shi, ka ɗaga maimaicin daga 1000 zuwa 5000. Yana taimakawa da samfur mai ɗan yawa. Da mutum goma da wutsiyar mutum ɗaya, ba abin da zai ƙara maka. Idan kuma za ka daidaita shekaru ko tsananin ciwo, gwaje-gwajen nan biyu duk sun gaza, sai Generalized Linear Models da zaɓin Gamma with log link, wanda shi ma ba ya karɓar sifili.

Rukuni uku ko fiye tunanin bai canza ba: One-Way ANOVA da zaɓin Welch a madadin gwajin t, Kruskal-Wallis a madadin Mann-Whitney.

Mataki na biyar: tambayi yadda kowa ya bar asibiti

Wanda ya rasu a kwana na biyu da wanda ya warke a kwana na biyu, lamba ɗaya suke da ita a ginshiƙinka. Tsarin da mutane suka fi mutuwa da wuri a cikinsa zai fito kamar ya rage kwanakin jinya, kuma babu ɗaya cikin gwajin t da Mann-Whitney da zai gane. Haka wanda aka mayar wani asibiti, da wanda har ranar rufe bincike yana kwance: kwanakinsu na gaskiya sun fi abin da ka rubuta. In irin waɗannan suna da yawa, koma Analyze > Survival > Kaplan-Meier, ka sa sallama da rai a matsayin abin da ake jira, waɗanda suke kwance har yanzu kuma a matsayin waɗanda ba a ga ƙarshen zamansu ba. Mamata ba su shiga wannan sahun cikin sauƙi, tunda ba za a taɓa sallamarsu ba, don haka ka kawo adadinsu a kowane rukuni daban.

Wajen rubuta rahoto, ba da yawan mutane, lambar tsakiya tare da kaso na 25 da na 75, waɗanda za ka samu in ka zaɓi Percentiles a ƙarƙashin Statistics na Explore, sannan ka sa matsakaici kusa da su. A misalinmu za ka rubuta cewa lambar tsakiya kwana 4 ce a sabon tsari, 6.5 a tsohon, U = 17.5, p = 0.013, matsakaici kuma 8.0 da 6.7, tare da bayanin cewa majinyaci ɗaya a sabon tsari ya yi kwana 46 da dalilin daɗewarsa.